Rahoton Mako: Yadda Na Ƙasa Ke Sanar da Maigidan da Aiki Ya Yi wa Yawa

Rahoton ci gaban aiki ɗan gajeren bayani ne da ma'aikaci yake aika wa na gaba da shi a rana tsayayya, ba tare da ya jira an tambaye shi ba. Yana faɗin inda aiki ya kwana, da inda ya kamata a ce ya kai, da abin da ake jira maigida ya yanke. Ana yin sa a ofis, ana yin sa a wurin gini da gona da kamfani, kuma yana daga cikin hanyoyin da na ƙasa yake bi ya tafiyar da alaƙarsa da shugabansa. Masana harkar gudanarwa sun daɗe suna magana a kan wannan alaƙa. A shekarar 1980 wasu malamai biyu na Jami'ar Harvard, John Gabarro da John Kotter, sun buga maƙala a mujallar Harvard Business Review inda suka nuna cewa shugaba da na ƙasa da shi kowa ya dogara da ɗan'uwansa, kuma wani kaso na gyaran zaman yana wuyan na ƙasa. Shugaba yana da iko da kuɗi da sa hannu. Na ƙasa kuwa shi ke ganin abin da ke faruwa a wurin aiki. Rahoto shi ne ke haɗa wannan sanin da wancan ikon.

Abin da ya sa dole ya zama gajere yana cikin yadda yinin shugaba yake tafiya. Henry Mintzberg, wani masani ɗan ƙasar Kanada, ya zauna da manyan shugabanni biyar yana lura da ayyukansu, ya fitar da sakamakon a littafi a shekarar 1973. Ya gano cewa rabin ayyukan da suke yi ba sa kai minti tara kowanne, kuma ɗaya cikin goma ne kawai yake wuce awa guda. Wanda ya taɓa zama a ofishin wani darakta ko babban ɗan kasuwa ba zai yi mamaki ba: waya na ƙara, masinja ya shigo da fayil, baƙi na jira a falo, ga ɗaurin aure ko ta'aziyya da ba za a ƙi zuwa ba. Takarda mai shafi huɗu da aka ajiye wa irin wannan mutum takan kwana a kan tebur har ƙura ta rufe ta. Matsalar ba sabuwa ba ce. Ranar 9 ga Agusta 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya rubuta wa ma'aikatan gwamnatinsa takarda yana kukan tsawon rahotannin da ake kawo masa. Ya nemi a riƙa jera muhimman batutuwa a gajerun sakin layi, dogon lissafi kuma a mayar da shi rataye a baya.

Sanin maigida kafin a rubuta masa

Mataki na farko ba rubutu ba ne, lura ce. Peter Drucker, ɗaya daga cikin fitattun marubuta a kan gudanarwa, ya raba shugabanni gida biyu: masu fahimta ta karatu da masu fahimta ta ji. Na farko yana son ya ga magana a rubuce, ya karanta shi kaɗai, sannan a tattauna. Na biyu ba ya riƙe abu sai an gaya masa da baki ya yi tambayoyi. Ana gane kowanne daga halinsa. Wanda duk aka kawo masa magana sai ya ce "rubuto mini" mai karatu ne. Wanda ake tura wa saƙo sai ya bugo waya ya ce "me kake cewa ne?" mai ji ne, kuma shi saƙon murya na minti ɗaya zuwa biyu ya fi yi masa amfani. Ko da haka, alƙaluma da ranaku sai an biyo da su a rubuce, domin ba a iya komawa cikin saƙon murya a tsamo lamba cikin sauƙi bayan wata guda.

Hanya mafi sauƙi ita ce tambaya sau ɗaya tun farkon aiki: "Ranka ya daɗe, ina so in riƙa sanar da kai inda aka kwana kowane mako. Wace rana ta fi maka, kuma in rubuto ne ko in kira?" Daga nan ranar ta zauna. Tsayuwar ranar ta fi kyawun rubutun muhimmanci, saboda maigidan da ya san labari zai iso masa kowace Alhamis da yamma yakan daina bugo waya Litinin da Talata yana tambaya. Idan kuwa rahoton yana zuwa wannan mako, ya tsallake na gaba, to shirun da kansa yakan zama abin zargi.

Akwai wani abu a al'adar Hausawa da ke shiga tsakani a nan. Gaisuwa tana da amsarta da ba ta sauyawa. In aka ce "Ina aiki?" sai a ce "Da godiya." In aka ce "Lafiya dai ko?" sai a ce "Lafiya lau," ko da mutum daga asibiti ya fito. Wannan ladabi ne mai kyau, amma sau da yawa maigida yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce "Yaya aikin nan?", yaronsa ya ce "Ana nan ana yi, ranka ya daɗe," su rabu kowa yana ganin an yi magana. Maigida ya tafi da zaton komai na tafiya daidai, yaro kuma yana ganin ai ba a tsaya an tambaye shi da gaske ba. Rahoton mako yana raba gaisuwa da bayani. A gaisa yadda aka saba, sannan bayanin ya zo a wurinsa da lambobinsa.

Misali daga wurin gini

A ɗauki misalin wani ɗan kwangila a Kano da ya karɓi ginin azuzuwa. Yana da wasu ayyuka uku a hannu, rabin makonsa a hanya yake ƙarewa, don haka ya ɗora wani matashi ya kula masa da wurin. Ana aiki daga Asabar zuwa Alhamis, a huta Juma'a. Bisa tsarin da aka yi, za a jera bulo 4,800 cikin mako biyu: magina huɗu, kowanne bulo 100 a rana, wato 400 a yini, 2,400 a mako. Watan Mayu ne, kowa na ɗaga kai yana duban gabas, kuma an riga an sa wa kafinta ranar da zai zo ya fara rufi.

A makon farko tankar ruwa ta ƙi zuwa kwana biyu, aiki ya tsaya cik. An yi kwana uku da magina huɗu. Ranar ƙarshe kuma ɗaya daga cikinsu ya samu wani aiki ya tafi. Abin da aka jera ke nan 1,200 da 300, jimilla 1,500.

Ga irin saƙon da aka fi turawa a irin wannan hali:

"Salamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan an yini lafiya. Aiki yana tafiya alhamdu lillahi. Mun ɗan samu matsalar ruwa amma an shawo kanta. Yara suna ƙoƙari sosai. Siminti ya kusa ƙarewa. Allah ya ƙara girma."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, kuma babu abin da ɗan kwangilar zai iya yi da shi. Bai san an yi baya ba, balle nawa aka yi. "Ya kusa ƙarewa" na iya nufin gobe, na iya nufin mako biyu. Tafiyar magini ma ba ta fito ba. Zai amsa da "Madalla", ya sa wayar a aljihu, sai wata rana a kira shi a ce siminti ya ƙare, leburori na zaune a inuwa.

Ga kuma wanda ya yi aikin rahoto:

"Salamu alaikum ranka ya daɗe. Rahoton Alhamis.
Mun yi baya: an jera bulo 1,500 maimakon 2,400. Saura 3,300.
Dalili: babu ruwa kwana biyu, kuma magini ɗaya ya tafi. Na samo wani mai tanka, ya kawo jiya da yau.
Da magina uku za mu gama cikin kwana 11, jinkirin kwana 5 ke nan. Da biyar kwana 7 ne, jinkirin kwana 1.
Abu biyu nake nema zuwa Asabar: izinin ɗaukar ƙarin magina biyu, da biyan siminti buhu 100. Akwai buhu 40 a sito, da magina biyar zai ƙare Talata, kuma dila yana ɗaukar kwana biyu bayan an biya.
Na haɗo hotuna uku."

Ana karanta wannan cikin ƙasa da minti ɗaya, a cikin mota ko a bakin masallaci. Kowane layi nasa yana da abin da yake yi, kuma ya dace a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Layin farko hukunci ne: an yi baya. Ba a fara da tarihin tankar ruwa ba. Sojojin Amurka suna koyar da wannan ƙa'ida a rubutun ofis, cewa a sa ƙarshen magana a farkonta, domin mai karatu yana iya tsayawa a kowane layi. Maigidan da aka katse bayan jimla ɗaya ya riga ya tafi da abin da ya fi muhimmanci. Wannan ya saɓa wa yadda aka saba ba da labari a zaure, inda ake farawa daga tushe a bi a hankali har a iso ga abin da ya faru, shi ya sa yakan yi wa mutane nauyi da farko. Wasu ma suna jin kamar rashin kunya ne. Sallama da "ranka ya daɗe" sun isa su riƙe ladabi, bayansu sai magana.

Sannan lamba ba ta zo ita kaɗai ba. Bulo 1,500 ba ya nufin komai ga wanda ke da ayyuka huɗu a ka, sai an ajiye shi kusa da 2,400 da aka tsara. Wannan tazara tsakanin abin da aka shirya da abin da aka samu ita ce zuciyar rahoton. Mai rubutu da yawa yakan cika saƙonsa da abin da ya yi: ya je kasuwa, ya kira dila, ya zauna da kafinta. Duk wannan wahala ce ta gaske, amma ba ta gaya wa maigida ko aikin zai ƙare a ranar da ya yi wa masu shi alkawari.

An kuma guje wa kaso cikin ɗari. Masu kula da manyan ayyuka sun san wata cuta: aiki yakan yi gudu ya kai "kashi 90", sannan ya zauna a nan wata da watanni. Dalili shi ne kason ƙiyasi ne na zuciya, kuma saura kaɗan ɗin nan, irin su gyaran filasta da sa tagogi da fenti, shi ya fi cin lokaci. Bulo kuwa ana ƙirga shi. Maigida zai iya zuwa ya tsaya gaban bango ya tabbatar. Kowane aiki yana da abin ƙirgawarsa: fayil nawa aka kammala cikin nawa, kadada nawa aka shuka, buhu nawa aka loda, ɗalibai nawa aka shigar da sakamakonsu.

Dalilin jinkiri ya samu layi ɗaya tak, kuma an haɗa shi da abin da aka riga aka yi a kai. Ba a tsaya zagin mai tanka ko maginin da ya tafi ba. Idan dalili ya fi layi biyu, yawanci ya koma wanke kai.

Layi na huɗu shi ne ya fi wahalar rubutawa, shi ne kuma ya fi daraja. Mai kula da aikin ya zauna ya yi lissafi: 3,300 a raba da 300 ya ba da kwana 11, a raba da 500 ya ba da kwana 7 in an cike. Kwana 6 suka rage a tsarin farko, don haka jinkirin ko dai kwana 5 ne ko kwana 1. Ya kawo wa maigida hanyoyi biyu da abin da kowacce za ta haifar, ya kuma nuna wadda yake ganin ta fi. Da ya tsaya a "mun yi baya", da ya ɗora wa mutumin da ba ya wurin nauyin tunanin mafita. Yanzu abin da ya rage wa ɗan kwangilar shi ne ya ce "a ɗauka" ko "a bari". Yana iya ƙin yarda, watakila saboda ya san kuɗin kashi na biyu bai fito ba, ko yana da magina a wani wurin da za su gama jibi. Wannan sanin nasa ne, kuma shi ya sa hukuncin yake hannunsa.

Buƙata ta zo da rana, ranar kuma ta zo da dalilinta. Lissafin siminti haka yake: idan buhu ɗaya yana jera bulo kamar 50, magina biyar za su ci buhu 10 a yini, buhu 40 ke nan kwana huɗu, daga Asabar zuwa Talata. Dila na buƙatar kwana biyu. In an biya Asabar, kaya sun iso Litinin, da sauran rarar kwana guda ko da mota ta lalace. Bulo 3,300 da suka rage za su ci buhu 66, sauran kuma na linta ne da abin da ke biye. Maigidan da aka ce wa "da gaggawa" ya ji kalmar sau goma a ranar. Wanda aka ce wa "zuwa Asabar, don kada aiki ya tsaya Laraba" ya san abin da jinkirinsa zai jawo, kuma zai iya auna shi da sauran abubuwan da ke gabansa.

Rubuta irin wannan saƙo ba ya wuce kwata ɗin awa ga wanda yake riƙe da ɗan littafi yana rubuta adadin kowace rana. Akwai ma wani tsari da ake dangantawa da Yvon Chouinard, wanda ya kafa kamfanin tufafi na Patagonia a Amurka, cewa rahoton mako kada ya wuce minti 15 wajen rubutawa da minti 5 wajen karantawa. Wanda ya ga rahotonsa yana cinye masa awa biyu, to ko dai ba ya ajiye lissafin yau da kullum, ko yana ƙawata abin da ba ya buƙatar ado.

Labari marar daɗi

A nan ne rahotanni suka fi lalacewa. Tun shekarar 1970 wasu masana halayyar ɗan'adam, Sidney Rosen da Abraham Tesser, suka nuna a gwaji cewa mutane suna nauyin bakin isar da mummunan labari fiye da mai daɗi, ko da ba su suka jawo shi ba. Idan aka ƙara tsoron faɗa da fargabar rasa aiki, sai abin ya ninka. Labari yakan yi ta sauƙi yayin da yake hawa sama: lebura ya ce bango ya karkace, magini ya ce ya ɗan goce, mai kula ya ce akwai ɗan gyara, ya iso wa maigida a matsayin "ba komai".

A kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa ana sa wa aiki launi a rahoto: kore in yana tafiya daidai, ruwan ɗorawa in akwai barazana, ja in ya shiga matsala. Daga nan aka samu laƙabin rahoton kankana, wato kore a waje, ja a ciki. Ana gane shi da alamu. Ranar gamawa tana matsawa kaɗan kaɗan kowane mako amma launi bai sauya ba. Jimla ɗaya tana maimaituwa mako uku a jere, kamar "ana kan bibiya". Lambobi sun ɓace, kalmomi irin su "sosai" da "kusan" sun maye gurbinsu. Daga ƙarshe aikin yakan tsallaka daga kore zuwa ja a dare ɗaya, bai taɓa bi ta ruwan ɗorawa ba.

Rahoto na kai a kai yana maganin wannan ta hanya mai sauƙin ganewa. Matsalar da aka faɗa tana da kwana biyu ƙarama ce, faɗinta ba ya da nauyi, kuma akwai hanyoyin gyara da yawa. A misalin ginin, ranar Alhamis ta farko magina biyu sun isa su rage jinkirin zuwa kwana guda. Da an yi shiru har Alhamis ta biyu, da kafinta ya zo ya tarar babu inda zai ɗora katako, ya koma wani aikin, kuma samun sa ya zama sai bayan mako biyu, ga hadari yana haɗuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya fi ɓata wa shugaba rai kuwa sau da yawa ba jinkirin ba ne. Ya ji labarin daga bakin mai aikin ko daga nasa shugaban, a gaban mutane, alhali yaronsa ya sani tun tuni: wannan ne ba a saurin mantawa.

Sai dai akwai labarin da ba ya jiran Alhamis. Ya kamata tun farko a yi yarjejeniya a kan abin da za a buga waya saboda shi nan take: rauni ko haɗari ga rai, sata, zuwan hukuma da takardar tsayar da aiki, duk abin da zai sauya ranar miƙa aiki ko ya ƙara kuɗi fiye da wani adadi da maigida ya yanka. Irin wannan da murya ake fara faɗinsa, rubutu ya biyo baya. Wanda ya ɓoye faɗuwar bango a layi na biyar na rahoton mako, ya ce ai ya rubuta, bai sanar ba.

Idan maigida bai amsa ba

Shirun maigida shi ne abin da ya fi sa mutane su watsar da rahoto bayan wata ɗaya. Yawancin lokaci shirun ba ƙi ba ne. Rahoton da ba ya neman komai ba ya buƙatar amsa, kuma rashin kiran waya da tambayoyi shi ne shaidar an karanta. Wanda ke neman hukunci kuwa dole a bi shi. A misalin nan, in Asabar ta yi ba a ji komai ba, sai a tura layi ɗaya da safe: "Ranka ya daɗe, tunatarwa kan siminti da magina biyu, yau ne ranar." In azahar ta wuce sai a kira. Shugaban da ke da sakatare ko wani na hannun dama, ta wurinsa ake sanin lokacin da za a same shi.

Wata dabara ita ce a rubuta abin da za a yi in ba a ji amsa ba: "In ban ji daga gare ka ba zuwa Asabar da azahar, zan ci gaba da mai tankar nan na biyu." Tana rage wa maigida aiki ƙwarai, amma tana da iyaka mai kaifi. Ana amfani da ita ne kawai a abin da yake cikin hurumin mai rubutu, kuma wanda za a iya warwarewa in maigida bai so ba. Sauya mai kawo ruwa yana ciki. Karɓo siminti buhu 100 bashi da sunan maigida ba ya ciki. Wanda ya mayar da shirun shugaba izinin kashe kuɗi zai rasa amanar da rahoton yake gina masa.

Inda rahoto ke karkacewa

Wani rahoton yakan koma tallar kai, kowane layi "na yi, na yi". Abokan aiki suna ganewa, maigida ma yana ganewa. Ambaton wanda ya yi ƙoƙari da sunansa ba ya rage wa mai rahoto komai, kuma yana sa a yarda da sauran abin da ya faɗa. Wani kuma yakan koma kai gulma, inda ake sanar da maigida wanda ya makara da wanda ya yi waya a bakin aiki. Da zarar ma'aikata sun fahimci haka sai su daina gaya wa mai rahoton gaskiya, shi ke nan idonsa ya rufe. Idan laifin wani ya shafi aiki, a fara gaya masa a fuska cewa za a rubuta, sannan a rubuta abin da ya faru ba halinsa ba. Haka nan aika kwafin rahoto ga wanda ke sama da maigida ba tare da saninsa ba tsallake ne, ko da niyyar mai kyau ce.

Yawan rahoto ma matsala ne. Saƙo biyar a rana, kowanne da hoto, yana koya wa maigida ya daina buɗewa. Andy Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, ya bayyana a littafinsa na 1983 cewa yawan bibiyar da ta dace da ma'aikaci ya danganta da gogewarsa a kan wannan aikin na musamman, ba shekarunsa ko muƙaminsa ba. Haka abin yake ga rahoto. Sabon ma'aikaci, ko tsoho a sabon aiki, ko aikin da ya shiga mawuyacin hali kamar ranakun zuba kankare, suna iya buƙatar layi biyu kowace yamma. Aikin da ya daidaita mako mako ya ishe shi, wani ma sau biyu a wata. Bayan wata guda da farawa yana da kyau a tambayi maigida abin da yake tsallakewa in yana karantawa, a cire shi.

Ana sanin tsarin ya kama idan tambayoyin maigida suka sauya. Da yana cewa "ina aka kwana?", yanzu yana cewa "ka ce saura 3,300, ka haɗa da bangon ofis?" Yana iya amsa wa masu aikin ko nasa shugaban ba tare da ya kira kowa ba. Hukunci yana fitowa kafin ranar da aka sa. Akwai kuma shugaban da rahoto ba zai gyara ba, wanda duk aka kawo masa matsala sai ya huce a kan wanda ya kawo. A wurin irinsa rahoton yana rage yawan mamaki, kuma yana zama shaida a rubuce cewa an faɗa a kan lokaci, amma ba ya sauya hali.

Wannan ya sa ajiya take cikin aikin. Saƙonnin WhatsApp suna tafiya tare da wayar da ta ɓace ko ta faɗa ruwa, don haka mai kula da aiki yakan kwafe kowane rahoto a littafi ko a fayil guda, da kwanan wata, da amsar da aka bayar. Hukuncin da aka yanke a waya ana biyo shi da layi ɗaya a rubuce: "Kamar yadda ka ce ɗazu, ranka ya daɗe, za a ɗauki magina biyu daga gobe." Rahoton mako na gaba kuma yana farawa daga alkawarin na baya: an ce kwana 7, ga abin da aka samu. Idan aikin ya kai mako goma sha biyu, waɗannan saƙonni goma sha biyu su ne za a buɗe ranar lissafi da masu aiki, su ne kuma za a miƙa wa wanda ya gaji wurin in an ɗauke mai kula zuwa wani ginin.